Yaron kantina kullum sai ya makara: ku duba min wannan takardar gargaɗin kafin in ba shi

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da kantin kayan masarufi a nan Kano, ma'aikata tara. Akwai mai karɓar kuɗi da ya shekara biyu da wata huɗu a wurina. Ba ya ɗaukar min ko sisi, wannan na shaide shi, amma makara ta zame masa jiki. Ƙarfe takwas muke buɗewa, shi sai takwas da rabi, wani lokacin har tara ta gota. Manajana ya ƙirgo min sau 11 a watan Oktoba kaɗai. Na yi masa faɗa da baki har na gaji. Ga abin da na rubuta zan ba shi gobe: "Saboda halinka na rashin mutunta aiki da raina na gaba da kai, kullum kana zuwa a makare. Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Daga yau duk ranar da ka makara za a cire naira dubu ɗaya a albashinka, in ka sake kuma ka ɗauka ka kori kanka." Ya yi, ko in ƙara wani abu?

Ɗan Kwari: Hajiya ai kin ma yi haƙuri. Mu a kasuwa babu wata takarda. Ka makara sau uku, ranar na huɗun ka tarar da wani a kujerarka. Masu neman aiki sun fi a ƙirga.

Baba Akawu: Wa alaikumus salam. 'Yata kada ki ba shi wannan. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, rabinsu a ofishin kula da ma'aikata na yi su. Ba a fara wa da gargaɗi, kweri ake fara bayarwa, a ce ya yi bayanin dalilin da ba za a hukunta shi ba. A ƙa'idar aikin gwamnati yawan zuwa a makare yana cikin laifuffukan da aka lissafa da sunansu, kuma awa 72 ake ba mutum ya amsa. In ba ki ba shi awa 72 ba, duk abin da kika yi bayan nan ya rushe a kotu.

Anti Bilki: Baba ya faɗi gaskiya a kan tsarin, amma ranka ya daɗe awa 72 ɗin ta gwamnati ce, ba ta hau kan kantin Maman Walid ba. Ni aikina ke nan a wani kamfani a Sharaɗa, mu awa 48 muke bayarwa, wasu 24. Abin da ake dubawa shi ne ko lokacin ya ishe shi ya zauna ya rubuta amsa. 'Yar'uwa, takardarki matsala huɗu gare ta, amma bari in fara da babbar: kin yanke hukunci ba ki ji ta bakinsa ba. Kin taɓa zaunar da shi kin tambaye shi me ke sa shi makara, ko faɗa kawai kike yi yana cewa a yi haƙuri?

Maman Walid: Gaskiya faɗa ne. Yana shigowa raina a ɓace, kwastomomi sun yi layi, ina zan samu natsuwar tambaya.

Anti Bilki: To kin gani. Sauran ukun kuma: kin rubuta "kullum", alhali ba kullum ba ne, sau 11 ne a faɗar manajanki. Da ya kawo rana ɗaya da ya zo da wuri, takardar ta zama ƙarya. Sai "raina na gaba da kai", wannan wani laifi ne daban da ba ki kawo hujjarsa ba, fushi ne ya rubuta shi. Sai tarar dubu ɗaya, wadda ita doka ma ta hana. Kuma ki lura, gargaɗin farko ne a rubuce amma kin kira shi na ƙarshe. Kina da littafin da suke sa hannu da safe?

Maman Walid: Akwai rajista, kowa yana rubuta sunansa da lokacin da ya shigo.

Admin: Don Allah kada a turo hoton rajistar nan zauren, kuma kada a ambaci sunan yaron ko na kantin. Wancan karon mun ga abin da ya biyo baya.

Ɗan Kwari: Anti wace doka ce ta hana ni cire kuɗina? Ni nake biyansa fa. Rabin kantunan garin nan haka suke yi, ɗari biyar ko dubu duk makara.

Barista Ƙarami: Suna yi, amma yawan masu yi bai halatta shi ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 5, ta hana mai aiki ya cire wa ma'aikaci albashi da sunan tara, ta kuma hana a ƙulla yarjejeniyar hakan ma. Wato ko ya sa hannu ya ce ya yarda, ba ta zauna ba. Inda ta ba da ƙofa shi ne in ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma abin da za a cire ya zama daidai misali. Mai karɓar kuɗi a kanti yana cikin waɗanda dokar ta rufe, don ta ƙunshi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Manyan masu gudanarwa ne ta ware.

Baba Akawu: Amma Barista ai wanda bai yi aiki ba ba shi da lada. In ya ci awa ɗaya a hanya, don me za a biya shi kuɗin awar?

Barista Ƙarami: Baba wannan magana ce daban, kuma tana da ƙarfi. Ƙin biyan lokacin da ba a yi aiki ba daban, tara daban. Sai dai mai albashin wata ba da awa aka yi ciniki da shi ba, don haka in ba a rubuta tun farko cewa za a lissafa da awa ba, ni ba zan ba Hajiya shawarar ta fara yanzu ba.

Anti Bilki: Mu ma lissafa mu gani ko abin ya kai a yi rigima a kansa. Maman Walid nawa ne albashinsa, kuma awa nawa yake yi?

Maman Walid: Dubu 60. Litinin zuwa Asabar, takwas zuwa shida, da awa ɗaya ta sallah da cin abinci.

Anti Bilki: Kwana 26 ke nan a wata, awa tara a rana. Kuɗin yininsa wajen naira 2,300, na awa ɗaya bai wuce 260 ba. Wanda ya makara da minti 25, abin da ya ci miki bai kai naira 110 ba, ke kuma za ki cire dubu. Kin ga ba kuɗin lokaci kike karɓa ba, horo ne, kuma shi ne ainihin abin da Barista ya ce an hana. Ni da za ki ji tawa, ki bar albashinsa gaba ɗaya. Abin da kike nema ya zo ƙarfe takwas, ba ɗari biyunsa ba.

Malama Hauwa: Wallahi wannan maganar ta taɓo min inda yake min ciwo. Wata makarantar kuɗi da na koyar, ina shayarwa a lokacin, na makara sau huɗu a zango guda. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ranar taron malamai aka karanta takardar gargaɗina a gaban kowa, aka kuma manna kwafi a allon sanarwa kusa da jadawalin jarrabawa, har ɗalibai suna karantawa. Matar mai makarantar kuwa sai goma take shigowa. Ƙarshen zangon na ajiye musu aikinsu. Ku masu ɗaukar ma'aikata ku ji tsoron Allah.

Maman Walid: Allah Ya ba ki haƙuri Malama. Ni ban yi niyyar tozarta shi ba.

Barista Ƙarami: Malama ai ke har wani haƙƙi gare ki da ba su ba ki ba. Sashe na 54 ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Bai ba da izinin makara ba, amma da sun zauna da ke da an daidaita. Mu dai koma kan ta Hajiya. Hajiya, akwai takardar ɗaukar aiki da ta faɗi ƙarfe nawa zai riƙa zuwa?

Maman Walid: Babu. Maƙocinmu ne ya kawo shi, muka yi magana da baki, ya fara washegari. Duk ma'aikatana haka ne.

Barista Ƙarami: To in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da notis ɗin rabuwa. Wannan bai hana ki yi masa gargaɗi ba, tunda shekara biyu yana sa hannu a rajista ya san lokacin buɗewa. Amma gyara ne da ke kanki.

Ɗan Kwari: Abu mai sauƙi. A buga takardar yau, a sa mata kwanan watan da ya fara aiki, ya sa hannu. Wa zai sani?

Anti Bilki: Shi zai sani, kuma ranar da kuka ɓata shi zai faɗa. Daga mai laifin makara ya koma mai shaida a kanki cewa kin ƙirƙiri takarda. A'a Alhaji. Ta rubuta da kwanan watan yau, a ciki ta ce ya fara aiki a wata kaza, ta kuma ba duka mutum taran a rana ɗaya don kada ya ga shi kaɗai aka nufa.

Yanzu ga abin da za ki yi daren nan 'yar'uwa. Ki ɗauko rajistar da kanki, kada ki dogara da ƙirgen manaja. Ki fitar da kowace rana da lokacin da ya rubuta. Sannan ki bi layin sauran ma'aikatan a watan, ki ga ko shi kaɗai ne. Kwerin kuma gajere ne, babu zafi a ciki. Kamar haka: "Rajistar shigowa ta nuna ka zo bayan ƙarfe 8:00 na safe a ranakun da ke ƙasa. Ka yi bayani a rubuce cikin awa 48 daga karɓar wannan takarda, ka faɗi dalilin kowace rana, da dalilin da ba za a ɗauki matakin ladabtarwa a kanka ba. In kana da wata shaida ka haɗo da ita." Sai jerin ranakun, sai sa hannunki. Kada kalmar kora ta fito a ciki, don ba ki yanke komai ba tukuna.

Na Maraɗi: Mu ma nan Nijar haka tsarin yake, sai an ba mutum takardar neman bayani kafin a yi masa gargaɗi. Bambancin, mu ma'aikaci in ya ga an zalunce shi wurin sufeton aiki yake fara zuwa, a kira ku a yi ƙoƙarin sulhu kafin kotu. Na taɓa zama gabansa sau ɗaya, abin da ya fara tambayata shi ne ina amsar yaron. Ba ni da ita. Ranar na ji kunya.

Maman Walid: Da Hausa zan rubuta ko da Turanci? Ya gama sakandare amma Turancinsa sai a hankali.

Barista Ƙarami: Da harshen da zai fahimta, shi ma ya amsa da wanda ya iya. In kina so ki yi biyu a shafi ɗaya, don in abu ya je kotu da Turanci ake aiki. Amma takardar da mutum bai gane ba, ba a ce an ba shi dama ba.

Maman Walid: Salam, na dawo. Kwana uku ke nan. Na ba shi kwerin ranar Litinin, ya kawo amsa jiya, shafi ɗaya da rabi da biro. Jama'a na sha mamaki. Cikin ranaku 11 ɗin, ɗaya Asabar 25 ga wata ce, ranar tsaftar muhalli, ba a fita sai ƙarfe goma. Na koma rajista na ga kowa goma da rabi ya sa hannu, har manajan. Biyu kuma, 9 da 23 ga wata, ya ce manaja ne ya kira shi da daddare ya ce ya biya Kasuwar Singa ya ɗauko katan-katan na madara kafin ya shigo. Ya nuna min kiran a wayarsa, rasit ɗin kayan ma da kwanan watan. Na tambayi manaja ya ce ya manta. Saura takwas, waɗannan ya amsa su. Ga su: Alhamis 2, 8:25. Litinin 6, 8:50. Laraba 8, 8:30. Litinin 13, 9:05. Alhamis 16, 8:20. Litinin 20, 8:55. Laraba 22, 8:35. Litinin 27, 9:10.

Baba Akawu: Allahu Akbar. Da kin ba shi waccan takardar, da kin hukunta shi a kan aiken da ku kuka yi masa.

Anti Bilki: Ku dubi jerin nan da kyau. Litinin huɗu ne a watan, duka huɗun ya makara, kuma su ne masu nauyi: minti 50, 65, 55, 70. Sauran huɗun tsakanin 20 da 35 ne. Cuta biyu ce ke nan, ba ɗaya ba. Me ya ce game da Litinin?

Maman Walid: Mahaifiyarsa ce ba lafiya a ƙauyensu, can bayan Bichi. Ranar Asabar in an tashi yake tafiya, ya kwana biyu, Litinin da asuba ya kamo hanya. Ya ce motar farko ba ta tashi sai ta cika. Tun watan Agusta yake haka bai gaya wa kowa ba, wai yana tsoron a ce ya cika uzuri. Sauran ranakun kuma ya ce daga Rijiyar Lemo yake zuwa, adaidaita na wahala da safe, kuɗin mota ya yi yawa, wani lokacin sai ya taka zuwa Kurna kafin ya hau.

Malama Hauwa: To ai shi ke nan, a yafe masa. Mutum yana jinyar uwa za a bi shi da takarda? Haba.

Ɗan Kwari: Kowa ma yana da uwa Malama. In aka buɗe wannan ƙofar gobe mutum takwas za su zo da nasu labarin.

Anti Bilki: Ku duka kun taɓa gaskiya. Ni ga yadda zan raba. Na Litinin dalili ne na gaske, kuma gargaɗi ba zai sa motar ƙauye ta cika da wuri ba. In kika ce ya zo takwas ran Litinin ko ki kore shi, kin san ba zai iya ba, kin dai ɗaga ranar korar ne kawai. Wannan gyaran jadawali yake so: Litinin ya shigo goma ya tashi takwas na dare in kantin yana kaiwa haka, wani ya riƙe masa teburin da safe, a rubuta, a sa masa wa'adi kamar wata uku a sake dubawa. Laifinsa a nan shi ne shirun da ya yi wata uku. Na sauran ranakun kuwa ba uzuri ba ne. Wahalar adaidaita kowa na shan ta, maganinta fitowa da wuri. Don haka gargaɗi yana nan, amma na farko, kuma da abin da ya tabbata kaɗai.

Maman Walid: Muna kaiwa tara na dare, akwai masu shigowa da rana. Zai yiwu. Anti taimaka ki tsara min, kada in sake zuba fushi a ciki.

Anti Bilki: Ga shi, ki gyara inda bai dace da ke ba. A sama kwanan wata, sunansa da aikinsa, sai kan magana: Gargaɗi na farko a rubuce kan zuwa aiki a makare.

"Lokacin fara aikinka ƙarfe 8:00 na safe ne, Litinin zuwa Asabar. A ranar 3 ga Nuwamba an ba ka takardar neman bayani kan ranaku 11 na watan Oktoba, ka kuma amsa a ranar 4 ga Nuwamba. Bayan duba amsarka, an janye ranakun 9, 23 da 25, domin ba laifinka ba ne. Ranaku takwas da suka rage, waɗanda ka amsa, su ne 2, 6, 8, 13, 16, 20, 22 da 27, jimillar minti 350. A waɗannan ranaku an buɗe kanti babu mai karɓar kuɗi, sai da aka janye wani daga aikinsa.

An karɓi bayaninka game da ranakun Litinin. Daga 10 ga Nuwamba, aikinka na Litinin zai fara ƙarfe 10:00 na safe ya ƙare 8:00 na dare, har tsawon wata uku, sannan a sake dubawa. Ba a karɓi wahalar abin hawa a matsayin uzurin sauran ranakun ba.

Ana buƙatar ka sa hannu a rajista kafin ko a daidai lokacin fara aikinka kowace rana. In wani abu ya taso da zai sa ka makara, ka kira ni ko manaja kafin lokacin. Za mu zauna ranar 8 ga Disamba mu duba rajista tare. Wannan gargaɗi zai zauna a fayil ɗinka wata shida. In makara ba tare da izini ba ta ci gaba a cikin wannan lokaci, za a iya ba ka gargaɗi na ƙarshe, wanda bayansa za a iya kawo ƙarshen aikinka. In ba ka gamsu ba, kana iya rubuto min cikin kwana bakwai."

A ƙasa sa hannunki, sai wani layi nasa: "Na karɓi kwafin wannan takarda", da kwanan wata.

Baba Akawu: Ta yi kyau, amma ni wata shidan nan ban gane mata ba. A zamaninmu abin da ya shiga fayil ya shiga ke nan, har ka yi ritaya yana nan. Kuma doka ai gargaɗi uku ta ce kafin kora.

Barista Ƙarami: Baba babu inda Dokar Ƙwadago ta ce uku, babu kuma inda ta ce wata shida. Duka biyun al'adar wuraren aiki ce, kowane kamfani da abin da ya rubuta a littafin ƙa'idojinsa. Abin da ke ɗaure mutum shi ne in ya rubuta matakai, to ya bi su. Wanda ya ce uku ya kori mutum a na biyu, shi ya karya tasa ƙa'idar.

Anti Bilki: Takardar ba a yaga ta Baba, tana nan a fayil. Abin da ake nufi, bayan wata shida in ya gyaru ba za a ɗora sabon hukunci a kanta ba. In babu wa'adi, wanda ya makara sau ɗaya bayan shekara uku sai a zaro masa tsohuwar takarda a ce ai an taɓa yi maka gargaɗi. Mutum kuma in ya san babu ranar wankuwa, ba ya ƙoƙarin gyarawa.

Baba Akawu: Ni dai ban gamsu ba. Mai hali ba ya fasa halinsa, wata bakwai zai jira ya koma. Amma ku ne masu zamani.

Ɗan Kwari: Tambayata ɗaya. Duk wannan wahalar ta mece ce? Ba sai ta ba shi notis ta sallame shi ba? Ko shi ma an hana?

Barista Ƙarami: Ba a hana ba. Sashe na 11 ya tsara notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga shekara biyar zuwa sama. Wannan yaron mako biyu ne nasa, a rubuce, ko a biya shi kuɗin makonnin. Da can mai aiki yana iya sallama ko da dalili ko babu, in dai ya ba da notis. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ƙara wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa iko a sashe na 254C, kotun tana duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci, tana kuma waiwayar ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A cikinsu akwai yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce sallama sai da dalili ingantacce, kuma a bar mutum ya kare kansa in laifi ake zarginsa da shi. Najeriya ba ta rattaba mata hannu ta zama doka ba, amma kotun ta sha jingina da ita, lauyoyi kuma har yanzu suna jayayya kan iyakar hakan. Kotun tana da reshe a nan Kano. Abin da na sani tabbas, in ka rubuta cewa don makara ka sallami mutum, to kai za ka tabbatar da makarar. A nan rajista da kweri da amsarsa suke aiki.

Ɗan Kwari: Yaron da ke karɓar dubu 60 ina ya ga kuɗin lauya.

Maman Walid: Alhaji ni ba kotu ce damuwata ba. Shekara biyu lissafinsa bai taɓa yin giɓin naira ɗari ba. Wanda ya riƙe teburin kafin shi, Allah kaɗai Ya san abin da ya kwasa. In na sallame shi a ina zan samo irinsa? Anti, in ya ƙi sa hannu fa?

Anti Bilki: Da yawa suna ƙi don suna zaton sa hannu amsa laifi ne, shi ya sa layin ya ce "na karɓi", bai ce "na yarda" ba. Ki karanta masa, ki bayyana masa haka. Ki kira shi ofis ku biyu da shaida ɗaya, ba a gaban kwastomomi ba, ba kuma a zauren WhatsApp na ma'aikata ba. In ya ƙi duk da haka kada ki yi jayayya. Ki rubuta a kwafinki cewa an miƙa masa ranar kaza ƙarfe kaza ya ƙi sa hannu, shaidar ya sa hannu, ki tura masa hoton takardar ta wayarsa shi kaɗai. Kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na fayil, ki haɗa da kwerin da amsarsa da hoton shafukan rajista. Shaidar kuma kada ya zama manajan, tunda sunansa ya fito a maganar. Af, na ce ki duba layin sauran, ba ki ba mu labari ba.

Maman Walid: Hmm. Na duba. Wata yarinya sau biyu, minti goma-goma, wannan ba komai. Manajan ne. Sau shida ya rubuta bayan takwas da rabi, kwana huɗu kuma babu sa hannunsa sam.

Malama Hauwa: Na faɗa muku! Laifi tudu ne. Shi ne kuma mai ƙirga na wani.

Anti Bilki: To kafin ki miƙa wa yaron gargaɗinsa, manaja ya karɓi nasa kwerin, irin kalmomin, irin awa 48 ɗin. Wataƙila yana da bayani, manaja kan biya banki ko kasuwa, a ji ta bakinsa shi ma. Amma in kika ba ƙarami takarda kika tsallake babba, duk kantin a littafi ɗaya suke sa hannu, sun riga ki gani.

Maman Walid: Anti manajan ƙanin maigidana ne. Hajiyarsu da kanta ta kawo min shi.

Baba Akawu: Tirƙashi.

Ɗan Kwari: Hajiya wannan kam ba a zaure za a warware shi ba, sai a ɗaki. Ki fara da yayansa.

Maman Walid: Yana Abuja sai Juma'a. Anti, in riƙe takardar yaron har ya dawo, ko in ba shi gobe don a fara sabon jadawalin Litinin ɗin?

Anti Bilki: Jadawalin ki gaya masa gobe da baki, ki bi shi da saƙo, kada ya sake kwana da fargabar motar Bichi. Takardar ta jira Asabar, sai ki gyara kwanan watan da ke samanta.